Ruwan Ƙasa-ƙasa da Baƙin Jini a Goshin Haila da Jelarta: Abin da Launi ke Nunawa da Abin da Ba Ya Nunawa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi da mata ke gani kafin jinin haila ya kankama da kuma bayan ya tsagaita. Hujjar da take kafawa ita ce, launin jinin haila shaida ne kan tsawon lokacin da jinin ya ɗauka kafin ya fito, ba shaida ba ne kan lafiyarsa ko lalacewarsa. Abin da ke rarrabe ɗigon da ba shi da illa da wanda ke buƙatar bincike shi ne lokacin zuwansa, yawan kwanakinsa, da alamomin da suka rako shi. An kawo misalin macen da aka yi wa tiyatar haihuwa domin nuna yadda ake bin waɗannan ma'aunai mataki-mataki.

1.0 Gabatarwa da Manufa

Ba kasafai mace kan zo asibiti ta ce "ina ganin ɗigo" ba. Abin da ungozoma ko likita kan ji shi ne: "mataccen jini nake zubarwa", ko "datti ne ke fita", ko "sanyi ne ya kama ni". Kowace daga cikin waɗannan kalmomi ta riga ta yanke hukunci tun kafin a duba mai maganar, kuma hukuncin yakan kai ta shagon magani ko wurin mai sassaƙe. A gefe guda kuma akwai macen da ta saba ganin baƙin jini har ta daina ɗaukarsa a bakin komai, ko da ya zo mata a lokacin da bai kamata ba. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace dalilin wannan launi, da kuma shata iyaka tsakanin abin da ya dace a kwantar wa mace hankali a kansa da abin da ya wajaba a bincika.

An yi amfani da wasu keɓaɓɓun kalmomi. Shimfiɗar mahaifa ita ce lallausar fatar da ke lulluɓe cikin mahaifa, wadda ke kauri kowane wata sannan ta zube. Ɗigo shi ne jinin da bai kai a sa ƙunzugu ko audugar mata dominsa ba, wanda sai a jikin kamfai ko lokacin tsarki ake ganinsa. Ɗigon goshi shi ne wanda ke zuwa gab da haila, kamar yadda ake cewa goshin azumi. Ɗigon jela shi ne wanda ke biyo bayanta.

2.0 Waiwaye Kan Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayin cewa haila hanya ce ta fitar da ƙazanta daga jiki tsoho ne, kuma ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. Ko a shekarar 1920, likitan yara Béla Schick ya wallafa a birnin Biyana cewa akwai wata guba a jikin mai haila da ke iya sa fure ya yi yaushi. Ba a taɓa tabbatar da wannan guba ba, amma tunanin da ya haife ta bai mutu ba. Shi ne dai ke sa a ɗauka cewa duhun jini daidai yake da yawan dattin da ya taru.

Abin da ya sauya alƙiblar nazari shi ne aikin Joseph Markee na 1940. Ya dasa ɗan yankin shimfiɗar mahaifa a cikin idon birai, inda ake iya kallonsa kai tsaye ta madubin ƙara girma. Ya ga shimfiɗar tana motsewa, murɗaɗɗun jijiyoyinta suna ƙara nannaɗewa, sannan su tsuke na tsawon awa 4 zuwa 24 kafin jini ya ɓalle. Mafi muhimmanci ga wannan maƙala, ya ga jijiyoyin ba sa buɗewa lokaci guda. Wannan ta zubar, waccan tana nan shiru.

A 1966 Leif Hallberg da abokan aikinsa suka auna jinin hailar mata 476 a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin. Matsakaicin abin da suka samu shi ne kimanin mililita 43 a wata, wato cokalin cin abinci uku, kuma daga aikinsu aka samo iyakar mililita 80 da aka daɗe ana kafa hujja da ita kan yawan zubar jini. A 1985 Ian Fraser da abokan aikinsa a Sidni suka nuna cewa jini tsantsa kimanin kashi 36 cikin ɗari ne kacal na abin da ke fita. Ragowar kuwa ruwan shimfiɗa ne, da gutsattsarinta, da yauƙin bakin mahaifa, da ruwan farji.

Malaman fiƙihu sun riga masana kimiyya lura da waɗannan launuka, domin hukuncin salla da azumi ya rataya a kansu. Sun kira fatsi-fatsin sufra, gurɓataccen ruwan ƙasa-ƙasa kuma kudra. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa mata kan aika wa Nana A'isha auduga mai ɗauke da fatsi-fatsi, ita kuma ta hana su gaggawa har sai sun ga farin ruwan da ke nuna tsarki. Wannan maƙala ba ta da hurumin fatawa. An kawo batun ne saboda lurar ta dace da abin da kimiyya ta gano daga baya, cewa haila ba ta yankewa farat ɗaya, tana da jela, kuma jelar tana da launinta.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin bita ne, ba a tattara sababbin bayanai daga asibiti ba. An ɗauki ma'aunin Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Mata da Haihuwa ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da FIGO, kamar yadda ta sabunta shi a 2018. Bisa wannan ma'auni, lafiyayyar haila tana zuwa ne duk kwana 24 zuwa 38, kuma ba ta wuce kwana 8. An ɗora kowane nau'in ɗigo a kan tambayoyi uku: yaushe ya zo, kwana nawa ya yi, me ya rako shi. Misalin da ke sashe na 4.5 an tsara shi ne domin koyarwa daga siffofin da aka sani, ba labarin wata takamaimiyar majinyaciya ba ne.

4.0 Ƙalailaicewa

4.1 Asalin launin

Jan launin jini daga himogulobin yake, wato furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Muddin ƙarfen yana matsayin Fe²⁺, yana iya riƙe iskar oksijin kuma jinin ja ne: jawur idan ya ƙoshi da iskar, ruwan hanta idan ya sauke ta. Da zarar jini ya bar jijiya, tsarin da ke kare ƙarfen a cikin ƙwayar jini sai ya fara raunana. A hankali ƙarfen ya koma Fe³⁺, himogulobin ya zama methimogulobin, wanda launinsa ƙasa-ƙasa ne. Wannan rikiɗa 'yar uwar tsatsa ce. Duk wanda ya taɓa wucewa ta teburin mahauci da hantsi sannan ya dawo da la'asar ya gan ta: tsokar da ke ja da safe ta yi duhu a inda iska ta daɗe tana bugunta, alhali naman bai ruɓe ba. Haka tabon jinin yankan reza yake yi a jikin farar riga kafin washegari.

Akwai dalili na biyu da ba a cika ambata ba, shi ne tsamin farji. Jini yana da ma'aunin pH na 7.35 zuwa 7.45, lafiyayyen farjin macen da ke shekarun haihuwa kuwa yana tsakanin 3.8 da 4.5. Tsami yana wargaza himogulobin ya mayar da shi wani sinadari mai launin ƙasa. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin gwaji sun san wannan a aikace, domin a tsohuwar hanyar Sahli ta auna ƙarfin jini, ɗigon jini ake sakawa a ruwan asid, ya koma ruwan ƙasa, a kwatanta shi da gilashi mai launi. Idan jinin haila yana kwarara, yawansa yakan rinjayi tsamin farji ya wuce da jansa. Idan kuwa 'yan ɗigo ne, tsamin ne ke rinjaye.

Abin da ake kira baƙin jini kuwa, mafi yawansa ba baƙi ba ne. Idan aka shafa shi a farar takarda ko aka jiƙa shi da ruwa, sai a ga gefensa ya nuna ja ko ruwan ƙasa. Kaurinsa da bushewarsa ne ke sa ido ya gan shi baƙi. Shi ya sa mace kan ga jini mai duhu da asuba ko a tsakiyar hailarta, saboda ya kwana a tare a saman farji yayin da take kwance.

4.2 Ɗigon goshi

Bayan ƙwai ya fita daga ma'ajiyarsa, gurbin da ya bari yakan zama wani ƙullutun rawaya mai samar da homon ɗin furojestaron, wanda shi ke tallafe da shimfiɗar mahaifa. Idan ciki bai shiga ba, ƙullutun yakan yi kimanin mako biyu ya shanye. Furojestaron ba ya ɗaukewa kamar an kashe fitila, raguwa yake yi cikin 'yan kwanaki, kuma ba kowane sashe na shimfiɗar ne ke jin raguwar lokaci guda ba. Wani ɗan lungu sai ya riga saura sakin jiki. Jinin da ya tsattsafo daga nan kaɗan ne, mahaifa ba ta fara matsawa da ƙarfi ba, bakin mahaifa kuma yana toshe da yauƙi mai kauri. Sai jinin ya gauraya da yauƙin, ya sulalo a hankali, ya ratsa tsamin farji, ya iso waje da launin makuba. Ana yawan cewa wannan ragowar jinin watan jiya ne da ya maƙale. Ga macen da mahaifarta da bakinta suke lafiya, bayanin da ya fi dacewa da abin da Markee ya gani shi ne sabon jini ne kaɗan da ya yi tafiyar hawainiya.

Ɗigon goshi na yini ɗaya, ko yini da kwana, wanda jan jini ya biyo bayansa a lokacin da aka saba, ba ya buƙatar magani. Inda ake tsayawa a duba shi ne idan ya zama ɗabi'a ta kwanaki da dama a kowane wata. A 2014 Ryan Heitmann da abokan aikinsa a Amurka sun nazarci mata 80 masu neman haihuwa da aka leƙa cikinsu da na'ura, suka ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin ɗigon goshi na kwana biyu ko fiye da cutar endometiriyosis, wato tsirowar nama mai kama da shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa. Sai dai a yi hattara da faɗaɗa wannan sakamako. Matan ba su da yawa, kuma dukkansu rashin haihuwa ne ya kai su asibiti. Ba hujja ba ce ta tsorata duk budurwar da ta ga ɗigon kwana biyu. Hujja ce ta a yi tambaya ta gaba: akwai ciwon mara mai hana aiki, ko zafi lokacin saduwa, ko jinkirin samun ciki? Tsiro a cikin mahaifa ko a bakinta shi ma yakan kawo irin wannan ɗigo.

Wajen ƙidayar kwanakin wata, musamman ga mai neman ciki, ranar farko ita ce ranar da jan jini ya kankama, ba ranar ɗigo ba. Macen da ke fara ƙidaya daga ɗigon goshi na kwana uku za ta yi kuskuren kwana uku a lissafin fitar ƙwanta.

4.3 Ɗigon jela

A nan lissafi ya fi dogon bayani amfani. Ma'aunan da aka yi sun nuna cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na jinin haila yana zuba ne a kwana ukun farko. Idan aka ɗauki mililita 43 na Hallberg, abin da ya rage wa sauran kwanakin bai wuce mililita 4 zuwa 5 ba, wato bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma za a raba shi ne a kan kwana biyu ko uku. Jini ƙanƙani haka ba shi da nauyin da zai gangaro da sauri. Da abin mamaki ne a ce ya fito jawur.

A daidai wannan lokaci shimfiɗar tana gyara kanta. Sabuwar fata takan fara rufe wuraren da suka zube tun a kwana na biyu ko na uku, alhali wasu wuraren ba su gama zubewa ba, kuma rufewar takan kammala wajen kwana na biyar ko na shida. Abin da ke fita a jela shi ne guntun jinin da ya rage a lungunan mahaifa da magudanar bakinta, gauraye da ruwa da fararen ƙwayoyin jini. Saboda haka launin yana bin tsari: ja, ruwan hanta, ruwan ƙasa, fatsi-fatsi, sannan fari ko bushewa. Wannan jeri mai tafiya gaba ba tare da komawa baya ba shi ne babbar alamar lafiyayyar jela. Jinin biƙi ma haka yake sauya launi, sai dai shi cikin makonni.

Ana iya ganin jini ya ɗauke na rabin yini ko yini guda a kwana na huɗu sannan ɗan ruwan ƙasa ya dawo. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, muddin jimillar kwanakin ba ta haura takwas ba.

Akwai wani ruɗani da ya keɓanta da al'ummarmu, wanda ya kamata ma'aikatan lafiya su san da shi. A mazhabar Malikiyya, wadda littattafanta irin su Ahalari da Iziyya da Risala ake karantawa a makarantun zaure da na Islamiyya, iyakar haila kwana goma sha biyar ce. Macen da ke yin kwana goma sha biyu takan ce hailarta lafiya lau, tunda ba ta kai goma sha biyar ba. Lambobin biyu ba sa karo da juna, tambayoyi daban suke amsawa. Goma sha biyar tana amsa tambayar yaushe za a yi wanka a koma salla. Takwas tana amsa tambayar yaushe za a duba mahaifa. Mace tana iya kasancewa cikin iyakar fiƙihu alhali ta haura iyakar likitanci da kwana huɗu.

4.4 Inda launi ke yaudara

Tunda launin ƙasa yana nufin jini kaɗan mai tafiya a hankali ne kawai, duk abin da ke sa jini ya tsattsafo kaɗan-kaɗan zai ba da launi iri ɗaya, ko mai sauƙi ne ko mai kisa. Wannan shi ne haɗarin dogaro da launi ta kowane ɓangare.

Mafi gaggawa shi ne ɗigon da ya maye gurbin haila. Mace ta yi ɓatan wata na mako ɗaya ko biyu, sai ta ga baƙin jini kaɗan, ta ce al'adarta ce ta zo da wasa. Cikin da ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa haka yakan fara bayyana, galibi mako shida zuwa takwas daga hailar ƙarshe: jini kaɗan mai duhu, da ciwo a gefe ɗaya na mara. Idan bututun ya fashe, jinin cikin ciki yake zuba, ba waje ba, don haka ƙunzugu ba ya nuna girman abin da ke faruwa. Jiri, suma, ko ciwo a kan kafaɗa alamun fashewa ne, kuma asibiti mai ɗakin tiyata ake nufa nan take. Ɓarin da bai fita ba shi ma yakan zo da ruwan ƙasa. Ƙa'idar a nan gajeruwa ce: duk macen da ke iya ɗaukar ciki, ta ga ɗigon da jan jini bai biyo bayansa ba, gwajin fitsari na ciki shi ne matakin farko.

Na biyu shi ne wari. Tsohon jini yana da ƙarni irin na ƙarfe, amma ba ya ɗoyi. Ruwan ƙasa mai ɗoyi, ko mai tafe da zazzaɓi, ciwon mara, ko ruwa mai kama da mugunya, yana nuna ƙwayar cuta a bakin mahaifa ko cikinta, ko wani abu da aka cusa ya daɗe, kamar auduga, tsumma, ko haɗin matsi. Tambayar matsi tana buƙatar lafazi mai taushi, domin ba kowace mace ce za ta ambata shi da kanta ba. A wajen ƙwayar cuta ne kalmar sanyi ke da gurbi. Amma ruwan ƙasa na yini biyu a jelar haila, babu wari babu ƙaiƙayi, ba sanyi ba ne, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta dominsa yakan kashe ƙwayoyin da ke tsare tsamin farji, ya jawo ainihin matsalar da ake gudu.

Na uku shi ne ɗigon da ba ruwansa da haila: bayan saduwa, ko a tsakiyar tsarki wata bayan wata. Wannan yana buƙatar a kalli bakin mahaifa da ido, saboda tsiro, kumburi, ko sankara. A yankunan da ake noman rani da wanki a rafi ko madatsar ruwa, tsargiya ma takan kama bakin mahaifa ta sa shi zubar jini da an taɓa shi. Macen da ta cika wata goma sha biyu ba haila saboda shekaru kuwa, ba ta da goshi ba ta da jela. Duk ɗigon da ta gani, ko sau ɗaya ne, ko ruwan ƙasa ne fayau, sai an bincika. Wani babban nazari da Megan Clarke da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 9 cikin ɗari na masu irin wannan jini sankarar shimfiɗar mahaifa ake samu.

Masu tazarar haihuwa rukuni ne daban. Allurar wata uku da ashanar hannu suna sa shimfiɗa ta yi siriri, jijiyoyinta su yi rauni, don haka ɗigon ruwan ƙasa abu ne da ake tsammani, musamman a watanni uku zuwa shidan farko. Robar mahaifa mai jan ƙarfe takan tsawaita goshi da jela duka. Ba jini ba ne ya taru yana ruɓewa a ciki, kamar yadda ake yaɗawa.

4.5 Misali: jelar da ta ƙi yankewa

Mace mai shekara 31, haihuwa uku, ta ƙarshe da tiyata shekara biyu da suka wuce, ta yaye, ba ta amfani da hanyar tazara. Kokenta shi ne baƙin datti da ke hana ta salla kusan rabin wata. Ta sha maganin sanyi zagaye uku. An buƙaci ta riƙa sa alama a kalanda na wata uku: J ga ranar jan jini, Ƙ ga ranar ruwan ƙasa, B ga ranar bushewa. Watannin uku sun fito kusan iri ɗaya. Haila tana zuwa duk kwana 29. J biyar, B ɗaya, sannan Ƙ shida. Kafin tiyatar, a cewarta, J huɗu ne da Ƙ biyu.

Tsohon tsarin nata kwana shida ne, cikin iyakar FIGO. Sabon kuwa ya kai kwana goma sha biyu daga fari zuwa ƙarshe. Zuwan hailar a kan kari kowane wata yana nuna ƙwai yana fita yadda ya kamata, don haka zargin rikicewar homon ya yi rauni. Gwajin ciki bai nuna komai ba. Babu wari, babu zazzaɓi, kuma da aka duba bakin mahaifa lafiya yake, sai dai an ga baƙin yauƙi yana fitowa daga cikin magudanarsa. Wannan ya nuna tushen yana sama da bakin. Abubuwa biyu suka rage a gaba: tsiro a cikin mahaifa, ko kogon tabo.

Kogon tabo wani ɗan rami ne da ke samuwa a bangon gaba na ƙasan mahaifa, inda aka yanka aka ɗinke, idan naman bai haɗe har ciki ba. Hugh Morris ya bayyana siffarsa a 1995. Jinin haila yakan taru a ramin, kuma da yake tabo ba ya matsawa kamar lafiyayyar tsoka, sai jinin ya zauna ya riƙa tsiyaya bayan mahaifa ta gama aikinta. A nan kam maganar jinin da ya maƙale gaskiya ce. A wani nazari na ƙasar Holan da Bij de Vaate da abokan aiki suka wallafa a 2011 kan mata 225 da aka yi wa tiyatar haihuwa, hoton na'ura ta farji ya gano kogon a kashi 24 cikin ɗari, amma da aka zuba ruwa mai yauƙi a cikin mahaifa kafin ɗaukar hoton sai adadin ya kai kashi 56. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu kogon suna da ɗigon jela, yayin da a marasa kogon kimanin kashi 15 cikin ɗari ne. Abu biyu ke fitowa daga waɗannan alƙaluma. Hoton da aka ɗauka ba tare da zuba ruwa ba yana iya tsallake kogon, balle wanda aka ɗauka ta saman ciki. Sannan mafi yawan masu kogon ba su da wani koke, don haka ganinsa a hoto kaɗai ba dalilin taɓa shi ba ne.

A misalin namu, an ɗauki hoton ta farji a kwana na takwas, lokacin da shimfiɗa take siririya kuma jinin da ya taru yake fito da siffar ramin. Ba a ga tsiro ba. An ga rami mai kusurwa uku, zurfinsa milimita 5, tsokar da ta rage a bayansa kuma milimita 4. Zurfin milimita 2 shi ne mafi ƙarancin abin da masana suka amince a kira kogo. Zaɓin magani ya rataya ne kan ko tana son wani ciki nan kusa. Idan ba ta so, ƙwayar tazara ko robar mahaifa mai homon za ta rage jinin da ke zuba, ramin ya rasa abin tarawa. Idan tana so, ko maganin bai yi ba, ana iya shiga ta bakin mahaifa da na'ura a kankare leɓen ramin domin jini ya samu hanyar fita. Wannan aiki yana buƙatar tsokar da ta rage ta kai kimanin milimita 3, saboda mafitsara tana jingine a bayan wurin. Idan ba ta kai ba, ta ciki ake bi, a yanke tabon a sake ɗinki. Nata milimita 4 ne, don haka hanyar farko a buɗe take gare ta, kuma an rubuta kaurin a katinta domin wanda zai kula da cikinta na gaba.